Sirinji a hannu, ga yaro yana jijjiga a bakin ƙofa

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a ɗakin yara na babban asibiti a watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, ya san yadda dare yake a wurin. Gadaje cike, wani gadon ma yara biyu ne a kai, iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi a ƙasa, ledojin ƙarin ruwa na reto a jikin ƙarafa. Ma'aikatan jinyar da suka karɓi aikin dare sun riga sun tsara abin da za su yi tun daga karɓar aiki har wayewar gari: zagayen ba da magani, gwajin zafin jiki, duba masu ƙarin jini, rubuta rahoto. Amma ba a taɓa yin daren da tsarin nan ya tafi yadda aka shirya shi ba. A tsakiyar aiki wani sabon aiki zai faɗo, kuma ba zai jira a gama na hannu ba.

Mutane kan ɗauka cewa gwanin ma'aikaci shi ne wanda ya fi kowa saurin rugawa. Waɗanda suka daɗe a aikin sun san ba haka ba ne. Rugawa kowa zai iya. Abin da ke bambanta gwana da sabuwar shiga shi ne yadda take ajiye aikin da ke hannunta kafin ta ruga, da yadda take dawowa gare shi bayan ƙura ta lafa. Yaron da ya shigo yana jijjiga idon kowa na kansa. Wanda ya fi shiga haɗarin mantuwa shi ne na kan gado, wanda aka bari ana tsakiyar ba shi magani.

A ɗauki misalin wani dare irin wanda ake yi a asibitoci da yawa. Ɗaki ne mai gado 24, ma'aikatan jinya biyu ne ke aiki, babba da ƙarama, likitan da ke kan kira kuma yana wani sashe. Ƙarfe 10:00 babbar ta fara zagayen magani. Da ƙarfe 10:20 ta kai gado na 11, ta zuƙo allurar yarinyar da ke kansa a sirinji, ba ta kai ga yi ba. Minti goma kafin nan an kawo ledar jini daga ma'ajiyar jini domin yaron gado na 17, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat. Yaron gado na 20 kuma allurarsa ta biyu ta atesunat, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, za ta cika ƙarfe 10:30, wato awa 12 bayan ta farko. A gado na 6 ruwan da aka ɗaura ya ƙare, mahaifin yaron yana tsaye yana kiran "Sista, Sista". A daidai wannan lokaci wata uwa ta banko ƙofa, ta rungumo ɗa mai kamar shekara biyu, idanunsa sun kakkafe, hannu da ƙafa na fizga.

Ayyuka biyar ke nan a gaban mutum biyu, kuma kowanne akwai mai ganin nasa ne na farko.

Abu na farko da babbar za ta yi ba gudu ba ne, dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2005 mai suna ETAT, wanda aka gina a kan aikin da aka yi a Malawi, domin tantance yara marasa lafiya da zarar sun iso. Tsarin ya kasa yara gida uku: masu alamar da ke iya kashewa nan take, waɗanda ake fara yi wa magani a take, masu alamar da ke buƙatar a sa su gaban layi, da waɗanda za su iya bin layi. Ana koya wa ma'aikaci ya raba su cikin daƙiƙa 15 zuwa 20, ba tare da na'ura ba, da ido da kunne da hannu kawai. Zai duba ko iska na shiga da fita, ko leɓe da harshe sun yi shuɗi. Zai taɓa hannun yaro, in ya ji sanyi ya danna farce har ya yi fari, ya saki, ya ga ko jini zai dawo kafin daƙiƙa uku. Zai duba ko yaron yana cikin hayyacinsa, ko yana jijjiga. In gudawa yake yi, zai duba ko idanu sun zurma, ya tsunkuli fatar ciki ya ga ko za ta koma da sauri. Jijjiga tana cikin gida na farko, babu gardama a kanta. Saboda haka hukuncin babbar ma'aikaciyar ya yanku tun tana tsaye a gado na 11: wannan yaro ya wuce gaban kowa.

Wannan ɗan dubawar ba ƙaramin abu ba ne. A asibitin Queen Elizabeth Central da ke Blantyre, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sauya yadda ake karɓar yara: aka horar da ma'aikata, aka fara tantancewa tun daga ƙofa, aka gyara wurin ba da taimakon gaggawa. Rahoton da suka wallafa a 2006 ya nuna mutuwar yaran da aka kwantar ta sauka daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ta koma tsakanin kashi 6 zuwa 8. Ba wani sabon magani aka gano ba. An dai daina barin yaron da ke bakin mutuwa yana bin layi a bayan mai mura.

To amma ga sirinji a hannunta. A nan ne ake yin kuskuren da ba a gani sai daga baya. Da za ta ajiye shi a kan faranti ta ruga, bayan minti ashirin za ta dawo ta tarar da sirinji mai ruwa garau, babu suna, babu alama, kusa da wasu irinsa. Yawancin allurai in an zuƙo su kamanninsu ɗaya ne. Ba za ta iya rantsuwa cewa na gado na 11 ne ba, kuma ba lallai ta tuna ko ta riga ta yi allurar ko ba ta yi ba. Hanyoyi uku ne gare ta, kuma duk ba sa cin fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In allurar ta riga ta fara shiga kuma irin wadda ake gamawa nan take ce, ta ƙarasa ta sa hannu a takarda. In ba ta fara ba, ta manna filasta a jikin sirinjin ta rubuta sunan yarinyar da na maganin da yawansa da lokaci. In ko wannan ma babu hali, to ta ƙudurta tun yanzu cewa sirinjin ya tashi daga aiki, za a zubar a zuƙo sabo. A wannan dare ta uku ta zaɓa, domin filastar ba ta kusa. Ta jefa sirinjin cikin kwalin allurai, ta ja layi da biro a takardar magani a ƙarƙashin gado na 10, ta rubuta 10:20, ta rufe akwatin magani ta kulle, ta sa mabuɗin a aljihu. Rufe akwatin wajibi ne a ɗakin da yara masu rarrafe da 'yan rakiya ke yawo.

Kamar mai tuƙa tuwo ce da aka yi wa sallama a ƙofar gida, sai ta janye itace kafin ta fita. Layin nan na biro shi ne janye itacen. Yana gaya wa duk wanda ya ɗauki takardar, ko ita ko wata, cewa daga sama an gama, daga ƙasa ba a taɓa ba.

Akwai hujjar bincike a kan dalilin wannan taka-tsantsan. Farfesa Johanna Westbrook da tawagarta sun bi ma'aikatan jinya 98 a manyan asibitocin koyarwa biyu a birnin Sydney na Ostareliya, suna kallon yadda suke haɗa magani da bayarwa har sau 4,271. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna an katse ma'aikatan a fiye da rabin waɗannan lokuta, kuma duk katsewa ɗaya tana tafe da ƙaruwar kuskuren magani da kusan kashi 13 cikin ɗari. A wani binciken da suka yi a shekarar a kan likitoci 40 na sashen gaggawa, sun ga cewa cikin ayyukan da aka katse, kusan ɗaya cikin biyar ba a ga likitan ya koma kansa ba. Wannan a ƙasar da ke da wadatar ma'aikata ke nan. Ba lalaci ba ne kuma ba rashin ilimi ba ne. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce ba ta iya riƙe niyyar "zan dawo" da kyau idan wani abu mai tayar da hankali ya shiga tsakani. Shi ya sa ake ɗora wa takarda da biro nauyin tunawa, ba a bar wa kai ba.

Tana tafiya wajen ƙofa tana raba aiki, kuma da suna take kira. Cewa "wani ya kira likita" a ɗaki cike da mutane daidai yake da rashin kira, domin kowa zai zaci wani ya tafi. Sai ta dubi ƙaramar ta ce: "Sista, kira Likita yanzu, ki ce yaro ɗan shekara biyu, yana jijjiga, ba ta tsaya ba. Daga nan ki kawo mini oksijin da abin gwajin suga." Ƙaramar ta maimaita: "Likita, oksijin, gwajin suga." Maimaitawar ba ɓata lokaci ba ne, ita ce shaidar cewa abin da aka faɗa shi aka ji. A hanyarta ta wuce gado na 6, ta murɗa makullin robar ruwan ta rufe, ta ce da mahaifin: "Malam, na rufe shi, babu abin da zai same shi. Ka ba mu rabin awa, ka ga halin da ake ciki." Aikin daƙiƙa biyar ne. Ruwan da ya ƙare ba ya kisa a cikin rabin awa ga yaron da ke numfashi lafiya kuma yake cikin hayyacinsa, amma mutumin da ba a ba shi amsa ba zai ci gaba da kira, kiran kuma zai riƙa katse masu ceton rai.

An kwantar da yaron a gefensa a kan gadon gaggawa. Uwar ta zo da cokali tana ƙoƙarin cusa masa a baki don kada ya ciji harshe. Babbar ta karɓe cokalin a hankali: "Mama, kada a sa masa komai a baki, zai iya karya haƙori ko ya toshe masa numfashi. Tun yaushe ya fara?" Uwar ta ce tun suna cikin Keke Napep, kuma kwana uku ke nan jikinsa da zafi. Wato jijjigar ta wuce minti biyar, ta kai inda ba a jiran ta tsaya da kanta. Aka share masa majina da kumfa, aka sa masa oksijin, aka aza shi a ma'auni: kilo 10.

Nauyin nan shi ne mabuɗin lissafi, shi ya sa ɗakin da ya san aikinsa ke ajiye ma'auni da takardar awon magunguna manne a bango kusa da gadon gaggawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba da diyazefam ta dubura, rabin miligiram ga kowane kilo. Ga wannan yaro miligiram 5 ke nan, wato mililita ɗaya daga kwalbar da ke ɗauke da miligiram 10 a mililita biyu. Ana zuƙowa, a cire allurar daga bakin sirinji, a saka, a matse ɗuwawun yaron na ɗan lokaci don kada ya dawo. Sai a duba agogo a rubuta: 10:24. Rubuta lokacin yana da dalili. In jijjigar ba ta tsaya ba, sai bayan minti goma ake maimaitawa, kuma ba a wuce sau biyu, saboda maganin yana iya danne numfashi. A cikin ruɗani minti uku kan yi kama da goma, kuma wanda bai rubuta ba zai iya ƙara magani da wuri. Ɗigon jini daga yatsa ya nuna suga ya yi ƙasa da 2.5, wanda abu ne da aka saba gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma shi kaɗai ya isa ya jawo jijjiga. Aka sa masa robar jijiya, aka ba shi ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10, mililita 5 ga kowane kilo, wato mililita 50. Waɗannan awo na ma'aikatan da aka horar ne, a cikin asibiti, inda akwai abin taimaka wa numfashi in ya tsaya, ba na gwadawa a gida ko a kemis ba.

Likita ya iso ƙarfe 10:28. Babbar ba ta ba shi labari daga farko ba. Jimloli huɗu ta faɗa: halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da aka yi da lokacinsa, da abin da take so daga gare shi. "Likita, yaro ne kilo 10, jijjiga fiye da minti biyar, zazzaɓi kwana uku. An ba shi diyazefam miligiram 5 ƙarfe 10:24, suga ya yi ƙasa, gulukos yana shiga. Ina so ka duba shi ka rubuta magani. Sannan akwai jinin gado na 17, ƙarfe 10:40 lokacinsa zai cika." Da ƙarfe 10:31 fizgar ta tsaya, yaron ya fara numfashi daidai.

Jimlar ƙarshe da ta faɗa wa likita ita ce ta nuna ƙwarewarta. Hannunta na kan mai jijjiga, amma ba ta saki sauran ɗakin daga ranta ba. Jini yana da agogonsa. Ƙa'ida ita ce a fara ƙarin jini cikin minti 30 da fitowarsa daga firji, a gama cikin awa huɗu, domin in ya daɗe a zafin ɗaki ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa a ciki. Ledar ta fito ƙarfe 10:10, saura minti tara ke nan. Kuma ba a ɗaura jini sai mutum biyu sun karanta sunan mara lafiya da lambar ledar da rukunin jinin, sun tabbatar sun dace, domin jinin da ba na mutum ba yana iya kashe shi. Da jijjigar ba ta tsaya ba, da hukuncin da ya dace shi ne a aika a mayar da ledar ma'ajiya kafin wa'adin ya cika, a sake karɓowa in an samu sarari. Jinin da ɗan'uwa ya sha wahala ya bayar, ko aka yi ta neman mai bayarwa, bai kamata ya lalace a kan tebur ba. Tunda ta tsaya, likita ya zauna da yaron, ma'aikatan biyu suka je gado na 17, suka karanta tare, aka fara ƙarfe 10:37. Ƙaramar ta zauna a wurin, domin minti 15 na farko su ne lokacin da jiki ke nuna ƙin jini, da rawar ɗari ko zazzaɓi ko ƙuncin numfashi.

Yanzu babbar ta koma kan akwatin magani. Sabuwar ma'aikaciya za ta ci gaba daga gado na 11 ta bi jeri har 24, domin haka ta saba. Ita ba ta yi haka ba. Ta tsaya minti ɗaya cur tana duba takardar, tana tambayar kanta wane magani ne jinkiri zai cutar. Magunguna ba ɗaya suke ba wajen lokaci. Cibiyar ISMP ta Amurka, wadda aikinta shi ne rage kuskuren magani, ta fitar da jagora a 2011 da ya raba su: masu tsananin buƙatar lokaci a ba da su cikin rabin awa kafin ko bayan lokacinsu, waɗanda ake sha sau da yawa a rana amma ba su da wannan tsanani suna da sararin awa ɗaya, na sau ɗaya a rana kuwa har awa biyu. Da irin wannan tunani ta tsallake zuwa gado na 20 ta yi allurar atesunat ƙarfe 10:45. Daga nan ta haɗa wa sabon yaron nasa na farko, miligiram 30, tunda yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi ga kowane kilo. Sai ta sauya ruwan gado na 6 kamar yadda ta yi alkawari. Sannan ta dawo ƙarƙashin layin biro, ta zuƙo sabuwar allura ga yarinyar gado na 11, ta sake karanta suna da yawan magani daga farko kamar ba ta taɓa gani ba. Maganin ƙarin jini na sha da sinadarin bitamin suka zo a ƙarshe. Zagayen da ya kamata ya ƙare ƙarfe 11:00 ya kai 11:40.

A takarda ta rubuta lokacin da aka ba da kowane magani a zahiri, ba lokacin da aka tsara ba. Wannan wuri ne da ake yawan zamewa, domin babu mai son a ga ya makara. Amma wadda ta rubuta 10:00 alhali 11:15 ta bayar ta yaudari mai karɓar aiki da safe, wadda za ta lissafa tazarar magani na gaba daga lokacin ƙarya. Kafin ta zauna ta yi wani binciken da ke kama abin da ya kuɓuce: ta bi takardar gado bayan gado tana neman gurbin da ba a sa hannu ba, ta kuma duba farantin ko akwai kwalbar allura da ta rage ba a fasa ba. Gurbi babu sa hannu, ga kwalba a faranti, yana nufin an tsallake wani. Gurbi babu sa hannu, kwalba kuma a fashe, ya fi haɗari, domin wataƙila an yi allurar ba a rubuta ba, kuma mai zuwa za ta iya maimaitawa. A nan ba a yin zato, ana tambayar abokiyar aiki da uwar yaron, in ba a tabbata ba a kira likita.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da littafi ba ya iya koyarwa sosai, shi ne rarrabe gaggawa da hayaniya. Yaron da ke tsala kuka yana da iskar kukan, ƙwaƙwalwarsa kuma tana aiki. Wanda ya yi laƙwas a bayan uwarsa, ba ya kuka ba ya shan nono, shi ne abin tsoro, kuma sau da yawa uwarsa ce mai kunya, wadda ta zo daga ƙauye ta rakuɓe a gefe tana jiran a kira ta. Sannan ga mai kuɗi ko mai muƙami, ko ɗan'uwan wani ma'aikaci, da ke son a bar komai a duba nasa. Matsalar tsohuwa ce. Dominique Jean Larrey, babban likitan tiyata na sojojin Napoleon, ya kafa ƙa'idar cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni ba tare da duba muƙaminsa ba, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Har yau ma'aikaciyar da ta bi wannan ƙa'ida tana iya shan zagi, wani lokaci har a kai ƙararta. Hukumar asibitin da ba ta tsaya wa irin wannan ma'aikaciya ba tana koya wa sauran su riƙa bin mai babbar murya, kuma yaran talakawa ne za su biya.

Hukuncin farko ma ba ya zama na dindindin. Yaron da aka ce zai iya jira ƙarfe goma yana iya komawa gida na farko ƙarfe goma sha ɗaya. Saboda haka duk wanda aka jinkirta sai an koma an sake duba shi, kuma a gaya wa uwarsa alamar da in ta gani ta yi magana ba tare da jiran izini ba.

An gwada hanyoyin rage katsewar da ba ta da dalili. A harkar jiragen sama, tun 1981 hukumar Amurka ta hana matuƙa duk wata hira da ba ta shafi tuƙi ba idan jirgi yana tashi ko sauka a ƙasa da ƙafa 10,000. Wasu asibitoci sun kwaikwayi wannan, suka ba mai rabon magani wata riga mai rubutun kada a katse ta. Tawagar Westbrook ta gwada wannan a 2017, ta ga katsewar ta ragu amma ba sosai ba, kuma ma'aikata da yawa sun ce rigar tana da zafi da takura. A ɗakin da mutum biyu ke kula da gado 24, riga ba za ta yi aiki ba in babu wanda zai amsa kiran a madadin mai ita. Abin da ya fi amfani shi ne yarjejeniya tun farkon dare: wace ce mai rabon magani, wace ce mai amsa kira da karɓar sabbin zuwa, wa za a kira in abu ya fi ƙarfinsu, kuma an duba gadon gaggawa an tabbatar akwai oksijin da diyazefam da gulukos da batirin tocila. Minti biyar da aka kashe a kan wannan ƙarfe tara sun fi minti ashirin na neman mabuɗin kabad ƙarfe biyu na dare.

Duk da haka dabara tana da iyaka, kuma bai dace a ɓoye ba. Da yara biyu ne suka shigo suna jijjiga a lokaci ɗaya, ko da ma'aikaciya ɗaya ce tak a ɗakin, kamar yadda yake faruwa a ƙananan asibitoci, da babu tsarin da zai hana wani abu faɗuwa. Abin da ya rage mata a irin wannan hali shi ne ta kira taimako da wuri daga ɗakin da ke kusa, ta zaɓi abin da za ta bari da saninta maimakon ya kuɓuce mata, ta rubuta shi, ta faɗe shi ƙarara lokacin miƙa aiki: ba a yi gwajin zafin jikin ƙarfe biyu ba, ba a sauya bandejin gado kaza ba, ga dalili. Shugabar da ke hukunta mai faɗin gaskiya irin wannan tana sa a riƙa cike takarda da abin da ba a yi ba. Rubutun kuma shi ne hujjar da za a kai gaban hukuma a nemi ƙarin ma'aikata, domin ƙarancin hannu ba laifin mai aikin dare ba ne.

Iyaye da 'yan rakiya suna da rawar da za su taka, kuma ba ta da wuya. Wanda ya kawo yaro cikin dare ya fara da alamar da ta fi tsanani, a bar gaisuwa da tarihin ciwo su biyo baya: yana jijjiga, ba ya numfashi daidai, ba ya farkawa, ba ya iya shan komai. Ya faɗi lokacin da abin ya fara da maganin da aka riga aka ba shi a gida, ko na asibiti ko na gargajiya, ba tare da ɓoyewa ba. Wanda kuma yake jinya a ɗakin, in ya ga ma'aikaciya tana karanta takarda tana zuƙo allura, kuma buƙatarsa ta takardar sallama ce ko tambayar lokacin zuwan likita, ya dakata har ta gama da gadon da take kai. Amma in ɗansa ya sauya, numfashi ya yi sama-sama ko jiki ya saki ko ya fara rawar ɗari ana ƙarin jini, to ya ɗaga murya nan take, ko me take yi, kada kunya ta hana shi.